Kilo nawa na kabon dayoksaid lita ɗaya ta fetur ko dizal ke fitarwa? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya san yawan man da ya ƙona zai iya lissafa iskar kabon dayoksaid, wato CO₂, da ya saki, ba tare da ya kanga wata na'ura a bakin salansa ba. Dalili kuwa shi ne yawan wannan iska na tattare ne da abin da ke cikin man, ba da irin injin da ya sha shi ba. Tambayoyin da ke biye suna bin lissafin daga tushe, har zuwa wuraren da ake yawan tuntuɓe.

A taƙaice, lita ɗaya nawa take fitarwa?

Litar fetur zalla tana fitar da kimanin kilo 2.3 na CO₂. Litar dizal kuma tana fitar da tsakanin kilo 2.6 da 2.7. A misalan da ke wannan shafi za mu yi aiki da 2.33 ga fetur, 2.65 ga dizal, kuma za a ga inda kowannensu ya fito.

Ai litar fetur ko kilo ɗaya ba ta kai ba. Ta yaya za ta haifi sama da kilo biyu?

Nan ne yawancin mutane ke cijewa, kuma suna da hujja, domin a ido abin ya yi kama da ƙarya. Litar fetur nauyinta kimanin giram 740 ne kacal. Sirrin shi ne yawancin nauyin CO₂ ba daga tanki ya fito ba, daga iskar da injin ya zuƙa ne.

Fetur da dizal haɗi ne na sinadarai biyu, kabon da haidurojin. Idan mai ya ƙone, kowace ƙwayar zarra ta kabon takan kama ƙwayoyi biyu na oksijin daga iska, su dunƙule su zama CO₂. A ma'aunin masana sinadarai, nauyin ƙwayar kabon 12 ne, na oksijin 16. Saboda haka dunƙulen CO₂ guda nauyinsa 12 da 16 da 16, wato 44. Kabon mai nauyin 12 ya shiga wuta, ya fito da nauyin 44. In ka raba 44 da 12 za ka sami 3.667, kuma wannan adadi shi ne ƙashin bayan dukkan lissafin: kowane giram na kabon da ya ƙone yakan zama giram 3.667 na CO₂.

Mu duba litar fetur ɗaya da kyau, mu ga abin da ya shiga da abin da ya fita. A cikin giram 740 ɗin nan, kusan giram 636 kabon ne, sauran giram 104 haidurojin. Kabon ɗin ya ɗauki oksijin kimanin giram 1,700, ya zama giram 2,330 na CO₂. Haidurojin shi ma ya ɗauki nasa, kimanin giram 830, ya zama ruwa, kusan giram 930. Wannan ruwa shi ne tururin da ake gani a bakin salansa da sanyin safiya, wani lokaci har yana ɗiga. To, haɗa abin da ya shiga: giram 740 na mai da giram 2,530 na oksijin, kusan kilo 3.3. Haɗa abin da ya fita: 2,330 da 930, nan ma kusan kilo 3.3. Babu abin da ya ɓata, babu abin da ya faɗo daga sama. Ita ce ƙa'idar da Antoine Lavoisier ya kafa tun a ƙarni na 18, cewa ƙonewa ba ta halaka nauyi, sauya masa kama kawai take yi.

Kafin injin ya sami wannan oksijin sai ya zuƙi iska mai yawan gaske. Injin fetur na buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo na mai, don haka lita ɗaya na cinye kusan kilo 11 na iska. Yawancinta naitirojin ne, wanda ke shiga ya fita kusan yadda ya shigo.

Yaya ake yin lissafin, mataki-mataki?

Lambobi uku ake bugawa da juna:

```
CO₂ (kg/L) = nauyin lita × kason kabon × 44/12
```

Na farko, nauyin lita guda ta man, a kilo. Shi ke mayar da abin da aka auna da lita ya koma nauyi, domin sinadarai da nauyi ake lissafa su, ba da cikar mazubi ba. Na biyu, kason kabon a cikin wannan nauyi. Na uku, 44 bisa 12 da muka riga muka gani.

Ga fetur, mu ɗauki nauyin lita 0.74 da kabon kashi 86 cikin ɗari. Buga 0.74 da 0.86, ka sami kilo 0.636 na kabon. Buga wannan da 3.667, ka sami 2.33.

Ga dizal, mu ɗauki nauyin lita 0.835 da kabon kashi 86.5 cikin ɗari. Buga su, ka sami kilo 0.722 na kabon. Buga da 3.667, ka sami 2.65.

A cikin lambobin nan uku, na ƙarshe ne kawai ba ya motsi ko kaɗan. Kason kabon yana ɗan kai kawo, amma ba ya nisa da kashi 85 zuwa 87. Wanda ya fi rawa shi ne nauyin lita, kuma shi ya kamata mai lissafi ya sa wa ido.

Me ya sa dizal ya fi fetur? Kabon ɗinsa ne ya fi yawa?

Mutane da dama haka suke zato, amma lissafin ya nuna wani abu dabam. Ajiye lita gefe, ka auna da kilo. Kilo ɗaya na fetur yana ba da 0.86 sau 3.667, wato kilo 3.15 na CO₂. Kilo ɗaya na dizal yana ba da 3.17. Kusan kunnen doki. Bambancin kashi 14 cikin ɗari da ake gani tsakanin litar wannan da ta wancan, kusan dukkansa daga nauyi yake: dizal ya fi danƙaruwa, sai lita ɗaya ta ɗauki mai fiye da yadda litar fetur ke ɗauka.

Wannan bai nuna cewa motar dizal ta fi motar fetur sakin CO₂ a kowace tafiya ba. Litar dizal na ɗauke da makamashi fiye da ta fetur da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma injin dizal ya fi iya mayar da makamashin zuwa aiki. Inda ake raba gardama shi ne a raba 2.33 da 2.65, a sami 0.88. Ma'ana, in motar dizal ta yi tafiyar da motar fetur ta yi, da man da ya gaza na fetur da fiye da kashi 12 cikin ɗari, to ita ce ta fi ƙarancin CO₂. In ragin bai kai haka ba, ta fetur ce. Wajen sakin CO₂, motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 kusan daidai take da ta dizal mai shan lita 7. Wanda ya ga 7 ta gaza 8 ya ce dizal ta ci, ya yi gaggawa.

A makaranta an koya mana lissafin da okten, amsar ta fito 2.17. Wanne ne daidai?

Duka biyun, amma abubuwa biyu dabam ake aunawa. Littattafan sinadarai sukan ɗauki okten, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin fetur, ya wakilci fetur domin sauƙi:

```
2 C8H18 + 25 O2 → 16 CO2 + 18 H2O
```

Nauyin dunƙulen okten 114 ne, 96 daga ciki kabon, wato kashi 84 cikin ɗari. Litarsa kuma kimanin giram 703 ce. Buga 0.703 da 0.842 da 3.667, sai 2.17 ta fito. Lissafin bai da aibi.

Sai dai fetur ɗin da ake zubawa a tanki ba okten zalla ba ne. Cakuɗe ne na ɗaruruwan sinadarai, kuma a cikinsu akwai wani rukuni masu nauyi da yawan kabon. Toluwin, alal misali, kabon ɗinsa ya haura kashi 91 cikin ɗari, litarsa kuma giram 867. Ire-irensa ne ke jan matsakaicin sama, daga 2.17 zuwa wajen 2.3. Don jarrabawa, a bi abin da tambaya ta bayar. Don lissafin man gaske, kada a yi amfani da okten, domin zai rage amsar da kusan kashi 7 cikin ɗari.

Na ga 2.27 a wani wuri, 2.31 a wani, 2.35 a wani. Wa zan bi?

Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kowa ya ɗauki irin man da yake magana a kai, da hanyar lissafinsa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana amfani da giram 8,887 ga galan ɗin fetur da giram 10,180 ga galan ɗin dizal. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, don haka in aka raba sai a sami kilo 2.35 da 2.69 a lita.

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, a jagorar da ya fitar a 2006 ta ƙididdigar hayaƙin ƙasashe, ya bi ta makamashi ne. Ya ce fetur na sakin giram 69.3 na CO₂ a kowane megajul na makamashi, dizal kuma giram 74.1. Ya kuma ɗauki megajul 44.3 a kilon fetur, megajul 43 a kilon dizal. Buga su: kilon fetur giram 3,070, kilon dizal giram 3,186. Daga nan sai ka kawo nauyin litarka. Da 0.74, fetur ya ba da 2.27. Da 0.835, dizal ya ba da 2.66.

Shi kansa man ba iri ɗaya ba ne. Ƙa'idar Turai ta EN 228 ta yarda litar fetur ta auna daga giram 720 zuwa 775, ta EN 590 kuma ta yarda litar dizal ta auna daga 820 zuwa 845. In ka sa iyakokin nan a lissafinmu, fetur zai kama daga 2.27 zuwa 2.44, dizal daga 2.60 zuwa 2.68, kuma dukkansu mai ne na halal da ya cika sharaɗi.

Abin da nake ganin ya fi shi ne wannan. In rahoto kake rubuta wa wata hukuma, yi amfani da adadin da ita ta tanada, ka rubuta shi a fili. In kwatanta bana da bara kake yi, riƙe adadi ɗaya a duka shekarun, in ba haka ba canjin da za ka gani na adadin ne, ba na man da aka ƙona ba. Kuma kada ka rubuta amsa da lambobi huɗu bayan ɗigo. Mai da nauyinsa ke rawa da kashi 3 ko 4 cikin ɗari ba zai ba da irin wannan tabbaci ba, rubuta shi haka yaudarar mai karatu ne.

Zan iya auna nauyin litar man da nake amfani da shi da kaina?

Za ka iya. A matatun mai da manyan ma'ajiyoyi ana jefa wani ma'auni na gilas mai suna haiduromita a cikin samfurin man, ya yi iyo, a karanta inda saman man ya tsaya a jikinsa. Mai sayen mai da yawa yakan ga adadin a takardar ingancin da ke rakiyar kayan.

Wanda bai da wannan sai ya yi da sikeli. Auna jarka babu komai a ciki, zuba mata adadin da ka tabbatar, sake aunawa, cire nauyin jarkar, raba da yawan litar. A ce lita 20 ta fetur ta ba da kilo 15.2. Nauyin lita ya zama 0.76, CO₂ kuma 0.76 sau 0.86 sau 3.667, wato 2.40. Sai dai amsar ba za ta fi ingancin litar da aka zuba ba: in famfon ya ba da 19.5 ya rubuta 20, za ka ɗauka man ne ba shi da nauyi. A yi aikin a fili, nesa da wuta da tartsatsi, domin tururin fetur na kama wuta tun daga nesa.

Zafi ko sanyi na canza amsar?

Yana canzawa, amma kaɗan. Mai na kumbura in ya ji zafi, fetur da kimanin kashi 0.1 cikin ɗari a kowane digiri, dizal ƙasa da haka kaɗan. Nauyin lita da ake bugawa a takardu galibi a digiri 15 aka auna shi. Fetur da ya kai digiri 35 litarsa ta rage nauyi da kusan kashi 2 cikin ɗari, sai 2.33 ta koma wajen 2.28. Ga mai mota ɗaya wannan ba abin damuwa ba ne. Ga kamfani mai ƙona miliyoyin lita, kashi 2 tan-tan ne masu yawa, shi ya sa a manyan cinikayya ake mayar da lita zuwa ma'aunin digiri 15 kafin a rubuta.

To, yaya zan lissafa na motata?

Abin da ake buƙata shi ne litar da motar ta sha a zahiri, kuma hanya mafi aminci ita ce cika tanki sau biyu. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta kilomitar da agogon mota ya nuna. Yi zirga-zirgarka yadda ka saba. Ranar da ka koma, sake cikawa har famfon ya tsaya, rubuta litar da ta shiga da sabuwar kilomita. Litar cikon na biyu ita ce abin da aka ƙona a tsakani.

A ce a cikon farko agogo na kan 61,200, a na biyu 61,725, kuma lita 42 ta shiga. Tafiyar kilomita 525 ke nan. CO₂ da aka saki shi ne 42 sau 2.33, wato kilo 97.9. Raba da 525, kowace kilomita giram 186. Ta wata hanyar: lita 42 a kilomita 525 daidai take da lita 8 a kilomita 100, kuma akwai gajeriyar dabara a nan. Buga litar kilomita 100 da 23.3 in fetur ne, da 26.5 in dizal ne, giram na kowace kilomita zai fito kai tsaye. Takwas sau 23.3 ya ba da 186.

In motar na yin kilomita 15,000 a shekara, za ta sha lita 1,200, ta saki kilo 2,796, a ce tan 2.8. Nauyin yawancin ƙananan motoci bai kai haka ba.

Ciko ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Famfo ba ya tsayawa daidai wuri guda kullum, kuma kuskuren lita biyu a cikin 42 ya kusa kashi 5 cikin ɗari, ya fi duk saɓanin da ke tsakanin 2.27 da 2.35 da ake ta jayayya a kai. Haɗa ciko huɗu ko biyar a jere, ka tara litarsu, ka raba da jimillar kilomita, kuskuren zai narke. Kada kuma ka dogara da adadin da kamfanin mota ya tallata. An samo shi ne a gwajin ɗaki, kuma tazarar da ke tsakaninsa da tuƙin titi ta yi faɗi har sai da Turai ta fara sauya tsohon gwajinta na NEDC da na WLTP a 2017.

Janareta fa?

Lissafin lita bai canza ba, sai dai a nan an fi son sanin CO₂ na kowane kilowat-awa na wutar da aka samu. A ce janaretan dizal na shan lita 6.5 a awa yana ɗauke da lodin kilowat 20. A awa ɗaya ya saki 6.5 sau 2.65, kilo 17.2, ya ba da kilowat-awa 20. Kowane ɗaya ya ci kilo 0.86.

Yanzu a ce da dare lodi ya sauka zuwa kilowat 5, shan mai kuma ya sauka zuwa lita 3 a awa. CO₂ na awa ya ragu zuwa kilo 8, amma na kowane kilowat-awa ya hau zuwa kusan 1.6. Injin na cin wani kaso na mai don juya kansa kawai, ko an jona masa kaya ko ba a jona ba. Kuskuren da ake yi shi ne a raba da ƙarfin da aka rubuta a jikin janaretan maimakon lodin da yake ɗauke da shi a zahiri, sai amsar ta fito da kyau fiye da gaskiya.

Tsohon injin mai baƙin hayaƙi ai ya fi sabo sakin CO₂ a kowace lita, ko ba haka ba?

A'a. A kowace lita, tsohon ma yakan ɗan gaza sabo. Kabon ɗin da ke cikin lita ƙayyadadde ne, babu injin da zai ƙara masa. Injin da ba ya ƙona mai sosai yakan bar wani ɓangare na kabon ya fita a matsayin kabon monoksaid, ko tururin mai da bai ƙone ba, ko kunkunniya. In kashi 2 cikin ɗari ya tsere ta wannan hanya, CO₂ na bakin salansa zai sauka daga 2.33 zuwa 2.28.

Kada wannan ya zama abin murna. Kabon monoksaid guba ne mai kisa a rufaffen wuri, kuma in ya shiga sararin sama yakan rikiɗe ya zama CO₂ cikin 'yan watanni. Shi ya sa jagorar IPCC ta 2006 ta ɗauka cewa dukkan kabon ya ƙone, alhali ta 1996 tana barin kashi 1 cikin ɗari ga mai. Inda tsohon injin ke yin ɓarnarsa shi ne a yawan litar da yake sha kafin ya yi aikin da lafiyayye zai yi da ƙasa da haka.

Akwai ruɗani a nan da ya kamata a warware. CO₂ ba shi da launi, ba shi da wari. Baƙin hayaƙin da ake gani kunkunniya ce, nauyinta kuma bai taka kara ya karya ba in aka gwada da CO₂ da ke fita tare da ita ba a gani. Motar da salansarta ke fes tana sakin kilo 2.3 ɗinta a kowace lita daram. In aka tara wannan iska a yanayin zafin ɗaki, ta lita ɗaya ta fetur za ta cika mazubi mai cin lita 1,300.

Akwai matacin salansa ko maganin da ake zubawa a tanki da ke rage shi?

Babu wanda ke rage CO₂ na kowace lita. Matacin da ke cikin salansar motocin zamani aikinsa shi ne ya ƙarasa ƙona kabon monoksaid da ragowar mai su zama CO₂, ya kuma warware gubar naitirojin. Yana tsabtace iskar da mutane ke shaƙa, amma CO₂ sai dai ya ɗan ƙaru. Duk wanda ya tallata maka wata ƙwaya ko wani ruwa ya ce yana rage CO₂ da rabi, tambaye shi ina kabon ɗin ya tafi. Abin da zai iya zama gaskiya kawai shi ne rage shan mai, wannan kuwa gwajin cika tanki zai tabbatar ko ya ƙaryata.

Alaƙar nan ta yi ƙarfi har a ɗakunan gwajin motoci ana bin ta a juye: a auna kabon ɗin da ya fito ta salansa, daga nan a lissafa man da motar ta sha.

In an gauraya fetur da etanol, ko dizal da man tsirrai, yaya lissafin yake?

A lissafa kowane ɓangare dabam, sannan a haɗa. Etanol na ɗauke da oksijin a jikinsa, don haka kabon ɗinsa kashi 52 ne kawai cikin ɗari, litarsa giram 789. Lita ɗaya na ba da kilo 1.51. Fetur ɗin da ake wa laƙabi da E10 yana ɗauke da etanol har kashi 10. Kashi tara cikin goma na 2.33 shi ne 2.10, kashi ɗaya cikin goma na 1.51 shi ne 0.15, jimilla 2.25. Dizal ɗin tsirrai kuwa kabon ɗinsa wajen kashi 77 ne, litarsa giram 880, yana ba da kusan 2.5.

Amma a rahotanni da yawa za ka ga an rubuta wa E10 adadi kusa da 2.10, ba 2.25 ba. Ba kuskure ba ne, tsarin ƙididdiga ne: CO₂ na etanol ana rubuta shi a gefe, bisa hujjar cewa rake ko masarar da aka yi shi da ita ta zuƙo wannan kabon daga iska lokacin da take girma. Abin da ya fita ta salansa 2.25 ne, wanda aka tono daga ƙarƙashin ƙasa 2.10. Dole mai rahoto ya faɗi wanne ya rubuta. A kuma tuna etanol bai kai fetur makamashi ba, saboda haka mota kan sha E10 fiye da fetur zalla da kimanin kashi 3 cikin ɗari, wanda ke cinye wani ɓangare na ragin.

Wannan adadi ya haɗa da haƙo man da tace shi?

Bai haɗa ba. Kilo 2.33 da 2.65 na ƙonewa ne kawai, daga tanki zuwa salansa. Kafin lita ta iso tanki an ƙona makamashi wajen haƙo ɗanyen mai, da dakonsa, da tace shi, da rarraba shi. Wannan kan ƙara wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, gwargwadon rijiyar da matatar da man ya fito, sai litar fetur ta tashi kusan kilo 2.8 ko 2.9. Wanda ke kwatanta motar fetur da ta lantarki dole ya sa wannan ƙari, tunda a ɓangaren lantarki ma hayaƙin tashar wuta ake ƙirgawa.

Haka kuma in ka ga an rubuta CO₂e, an haɗa da ɗan abin da injin ke fitarwa na wasu iskoki biyu masu ɗumama duniya, methane da naitiros oksaid, bayan an mayar da su ma'aunin CO₂. Ga motoci ƙarin ɗan kaɗan ne, wajen kashi 1 cikin ɗari.

Ta yaya zan gane na yi kuskure a lissafina?

Kowane kuskure na barin sawunsa a cikin amsar. In fetur ya ba ka 0.64, ka tsaya a kabon, ba ka buga da 44 bisa 12 ba. Wannan na faruwa sosai domin wasu takardu na ba da adadi a tan na kabon, wasu a tan na CO₂, kuma tazararsu ninki 3.67 ce. In ya ba ka 3.15, ka ɗauki lita a matsayin kilo, ka tsallake nauyin lita. In ya ba ka 2.71, ka manta kason kabon, ka ɗauka man dukkansa kabon ne. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari, domin ya yi kama da adadin dizal, sai ido ya wuce shi ba tare da zargi ba.

Sai kuma galan. Na Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya 4.546. Wanda ya raba giram 8,887 na EPA da galan ɗin Birtaniya zai sami 1.95, ya rage gaskiya da kashi 17 cikin ɗari. Tan ma ba iri ɗaya ba ne a takardu: akwai mai kilo 1,000, akwai ƙaramin na Amurka mai kilo 907. Kafin ka kwafi adadi daga ko'ina, duba da wane ma'auni aka rubuta shi, kuma in amsarka ta fetur zalla ta fita daga tsakanin 2.2 da 2.45, ko ta dizal daga tsakanin 2.55 da 2.75, koma ka bi lambobin ukun nan ɗaya bayan ɗaya.